Haɗuwar Magungunan Gargajiya da Ƙwayoyin Asibiti a Jikin Mai Ciwon Sukari da Hawan Jini

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna tattara sunayen itatuwa da tsirrai da cututtukan da ake sha dominsu, wasu kuma sun gwada wannan tafarki da na asibiti don a ga wanda ya fi. A ganinmu gwajin ya bar wani gurbi, domin marar lafiya ba ya zaɓen ɗaya ya bar ɗaya. Yakan haɗiyi ƙwayar likita da safe, ya kora da jiƙon da aka kawo masa daga gida, kuma duka biyun a cikin jini ɗaya suke haɗuwa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana abin da ke faruwa bayan wannan haɗuwa. Domin fagen yana da faɗi, za mu taƙaita ga ƙwaya ɗaya ta ciwon sukari, watau gilibenkilamid, wadda har yanzu ake samu a kantunan magani saboda arharta. Magungunan hawan jini za su shigo ne ta inda suka shafe ta, kasancewar cututtukan biyu sukan taru a jikin mutum guda.

Tun da farko ya kamata mu kawar da wani zato, cewa ƙwaya da tsiro abokan gāba ne. Metifomin, wanda shi ne maganin farko da ake ba mafi yawan masu ciwon sukari, asalinsa daga binciken wani tsiro ne na Turai mai suna galega, kuma likitan Faransa Jean Sterne ne ya fito da amfaninsa ga masu wannan ciwo a 1957. Haka ma rizafin, tsohon maganin hawan jini, a 1952 aka tace shi daga saiwar wani tsiro na ƙasar Indiya. Ashe ke nan tsiro yana aiki, kuma aikin nasa shi ne tushen matsalar da muke magana a kai. Da ruwa ne kawai a cikin ƙwaryar, da babu abin tattaunawa.

2.0 Yadda Ƙwayar Take Aiki

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka da hanta. A jikin mai lafiya gaɓar tana lura da yawan sukarin: in ya hau ta saki insulin, in ya sauka ta tsaya. Gilibenkilamid yana tilasta mata sakin insulin ne ko da sukari a jini ko babu. Ƙwaya ɗaya miligiram 5 ce, ƙarfinta kuwa yakan kai awa 24 bai gushe ba. Bayan hanta ta sarrafa ta, ragowar da ke fita ta ƙoda ma tana da sauran ƙarfin sauke sukari, saboda haka duk abin da ya raunana ƙoda zai tsawaita zaman maganin a jiki. Wannan ne ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilikilazid a gurbinsa cikin jerin muhimman magunguna, tare da gargaɗin cewa gilibenkilamid bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba.

Metifomin ba haka yake ba. Shi yana rage sukarin da hanta ke zubowa cikin jini ne, ba ya tilasta sakin insulin, don haka da wuya ya kayar da sukari ƙasa da kima in shi kaɗai ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai. Mutum biyu za su iya shan jiƙo iri ɗaya daga tukunya ɗaya, mai metifomin ya tashi lafiya, mai gilibenkilamid ya faɗi. Sai a ce jininsu ne ba ɗaya ba, alhali ƙwayoyinsu ne suka bambanta.

Iyakar da likitoci suka ajiye ita ce 70 a na'urar awon da ke rubuta `mg/dL`, ko 3.9 a wadda ke rubuta `mmol/L`. Ƙasa da haka sukari ya faɗi. In ya sauka ƙasa da 54, watau 3.0, ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta, domin kusan da sukari kaɗai take aiki. Dukkan na'urorin biyu suna hannun jama'a, kuma ana juya lissafin ta hanyar ninka na biyun sau 18. Wanda ya saba da ɗaya ya ari ɗayar yakan rikice, saboda haka a dubi harufan da ke gefen lambar kafin a yanke hukunci.

3.0 Ɗaci a Kan Zaƙi

Tunanin Bahaushe game da wannan ciwo bai da wuyar fahimta: zaƙi ne ya yi yawa a jiki, ɗaci kuwa shi ne kishiyar zaƙi. Saboda haka aka nufi shuwaka da garafuni da ganyen darbejiya da sassaƙen maɗaci, daga baya hulba da zogale suka shigo sahu. Ɗacin kansa ba shi ne ke sauke sukari ba, amma an yi dace wasu daga cikin tsirran nan suna ɗauke da sinadaran da ke yin haka. Shaidar da ake da ita ba ɗaya ba ce a kansu duka. Ta shuwaka da darbejiya da maɗaci mafi yawanta daga gwaji a kan dabbobi ta fito. Hulba kuwa an gwada ta a kan mutane sau da dama, an kuma ga tana rage sukari, musamman in abin da ake sha a yini ya kai giram 5 ko fiye. Yauƙin da ƙwayarta ke yi in ta jiƙa yana jinkirta shigar sukarin abinci daga hanji zuwa jini, kuma tana da wani sinadari da ke zuga sakin insulin, watau aikin da gilibenkilamid yake yi.

Garafuni yana da ɗan'uwa a ƙasashen Indiya da Pakistan da suke kira karela, suna miya da shi. A 1979 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton Aslam da Stockley a kan wata mata mai shan kilofurofamid, wanda dangin gilibenkilamid ne, da aka lura cin karela yana ƙara wa ƙwayar tata ƙarfi. Rahoton mutum ɗaya ne, kuma karela ba shi ne garafuninmu sak ba, amma dangantakarsu ta kusa ce, ta isa ta sa mai hankali ya yi hattara.

Irin wannan haɗuwa ita ce muke kira ta taron dangi: ƙwaya tana ja ƙasa, tsiro yana ja ƙasa. Abin da ya sa ta fi wuyar sha'ani shi ne ɗaya daga cikin masu jan ba a san ƙarfinsa ba. Ƙwaya miligiram 5 ce yau, miligiram 5 ce gobe. Jiƙo kuwa ƙarfinsa ya danganta da ganyen damina ne ko na rani, ɗanye ne ko busasshe, kwana ya yi a ruwa ko tafasa shi aka yi, sannan da girman kofin da aka sha. Umarnin "a sha safe da yamma" bai ƙayyade ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba muna aibata mai magani ba ne da wannan magana, domin iliminsa ya ginu ne a zamanin da jiƙon ke aiki shi kaɗai a jiki, babu wata ƙwaya da ta riga shi shiga.

Akwai kuma haɗuwa ta kishiya, inda tsiro ke rage ƙarfin ƙwaya. Misalinta shi ne ruwan kuɓewa, wadda ake yankawa a jiƙa ta kwana a sha da sassafe. Wani gwaji da aka yi a kan ɓeraye a Bangladesh, aka buga a 2011, ya nuna yauƙin kuɓewa yana hana metifomin ratsa hanji, har amfaninsa ya kusa ɓacewa. Gwajin dabba ne, amma dalilin a fili yake: abu mai yauƙi yana iya riƙe ƙwayar da aka haɗiya tare da shi.

Wani abu na uku da za mu ambata a gurguje shi ne algus. A 2008 an kwantar da mutum 150 a asibitocin Singafo saboda mummunar faɗuwar sukari, alhali ba masu ciwon sukari ba ne, huɗu daga cikinsu suka rasu. Da aka bincika sai aka tarar magungunan ƙarfin maza da suka sha, har da masu sunan na tsirrai, an cusa musu gilibenkilamid. Gari ko kafso da aka ce na itatuwa ne zalla, amma yana kayar da sukari cikin 'yan awoyi kamar yankan wuƙa, abin tuhuma ne.

4.0 Inda Hawan Jini ya Shigo

Zoɓo yana sauke hawan jini, wannan ya tabbata. A gwajin da McKay da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, mutum 65 aka raba kashi biyu. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida awonsu na sama ya ragu da kimanin maki 7, na ɗaya kashin kuwa da kimanin maki 1. Ragi ne matsakaici, kuma ga mutane da yawa alheri ne. Sai dai wanda yake shan lisinofiril tare da ƙwayar sa fitsari, ya kuma ɗora zoɓo mai kauri a matsayin magani, a watan Afrilu da gumi ke zuba, yana iya wayar gari da jiri in ya miƙe tsaye. Kada a manta kuma zoɓon da ake sayarwa a gora cike yake da sukari, wanda ga mai ciwon sukari wata matsala ce dabam.

Kanwa ita ce ke ja ta ɗaya ɓangaren. Al'ada ce a jefa jar kanwa ko ungurnu a cikin dahuwar sassaƙe, kuma ba a lissafa ta cikin maganin, ana ganin mahaɗi ce kawai. Alhali kuwa kanwa gishirin sodiyam ce, sinadarin da aka hana mai hawan jini gishiri saboda shi. Mutum zai daina sa gishiri a miya bisa umarnin likita, ya riƙa shan kanwa kofi biyu a yini, jini ya ƙi sauka, likita ya ƙara ƙwaya bai san da wa yake kokawa ba.

Amma haɗarin da ya fi shafar batunmu ta hanyoyi biyu yake zuwa. Ta farko ita ce wankin ciki. Filasko da makamantansa suna sa gudawa, ruwan jiki ya ragu. In jiki ya bushe alhali ana shan lisinofiril da ƙwayar fitsari, jinin da ke isa ƙoda yakan yi ƙaranci, tacewarta ta ja baya cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan ragowar gilibenkilamid ta taru, metifomin ma ya taru, shi kuwa taruwarsa tana iya sa jini ya yi tsami, abin da kan kai ga halaka. Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyin rage bugun zuciya irin su atenolol da furofaranolol. In sukari ya fara faɗuwa, jiki yakan yi ƙararrawa da bugun zuciya da karkarwar hannu, mutum ya ji ya nemi abinci. Waɗannan ƙwayoyi suna danne ƙararrawar. Gumi kaɗai suke bari, shi kuwa gumi a ƙasar zafi wa zai ɗauke shi alamar ciwo?

5.0 Misali

Domin a ga yadda abubuwan nan ke sarƙuwa, bari mu ƙaddara wani magidanci ɗan shekara 63, mai ciwon sukari da hawan jini. Likita ya ɗora shi a kan gilibenkilamid miligiram 5 safe da yamma, metifomin miligiram 500 sau biyu, atenolol miligiram 50, da lisinofiril miligiram 10. Awonsa na safe kafin karin kumallo yana tsakanin 130 da 150. Lambobin na misali ne, amma kowane mataki a cikinsu sananne ne a asibiti.

Wani aboki ya ba shi shawarar hulba, sai ya fara jiƙa cokali biyu yana sha da safe, da dare kuma kofin ruwan shuwaka da garafuni. A mako na farko awon ya sauko 110, a na biyu 85. Shi da iyalinsa murna suke yi, kuma ba za a zarge su ba, domin abin da aka ce musu shi ne a sauke sukari. A nan ne alamar farko take, ga wanda ya san ta: yana farkawa da asuba rigarsa sharkaf da gumi, da ciwon kai, da yunwa mai tsanani kafin azahar. Wannan yana nuna sukarin yana faɗuwa cikin dare, awon safe yana kama shi ne bayan ya ɗan farfaɗo. Da a wannan mako ya koma asibiti ya faɗi abin da yake sha, da an rage ƙwayar yamma ko an canza ta, magana ta ƙare.

A mako na uku sai ya sha filasko don wanke ciki. Ya kwana yana zagayawa, gari ya waye ba ya sha'awar abinci, amma ya haɗiyi ƙwayoyinsa duka kamar kullum, domin mutum ne mai bin doka. Yanzu abubuwa huɗu sun taru: babu abinci, ƙwaya tana tilasta insulin, jiƙo yana taya ta, ƙoda kuma ta rage fitar da ita. Atenolol ya hana shi jin bugun zuciya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ga yana maganar da ba ta da kai, yana faɗa da mutanen gida ba dalili, harshensa ya yi nauyi, hannu ɗaya ya saki. Na'ura ta nuna 41. Wasu na'urorin in abin ya yi ƙasa ƙwarai ba sa ba da lamba, sai su rubuta `LO`.

A wannan gaɓa fassarar da aka yi wa alamun ita ce ke raba rai da mutuwa. Wani zai ce shanyewar ɓarin jiki ce, tun da an san shi da hawan jini. Wani zai ce iska ce ta buge shi. Mafi muni, wani zai ce sukarin ne ya tashi, a ƙara masa ɗaci. Ƙa'idar da likitoci ke koyarwa ita ce, mai shan irin wannan ƙwaya in hankalinsa ya gushe ko halinsa ya canza farat ɗaya, a ɗauka sukari ne ya faɗi har sai awo ya ƙaryata. In yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 zuwa 20 na sukari, watau kamar cokalin shayi huɗu a cikin ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai sukari. Bayan minti 15 a sake awo, in bai haura 70 ba a maimaita, sannan a bi da abinci mai riƙe ciki kamar tuwo ko fura. In ko sukarin hawa ya yi, wannan ɗan abin da aka ba shi ba zai yi wata ɓarna ba kafin a isa asibiti. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa kome, ko ruwan sukari ko rubutu, domin zai iya wucewa huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi inda za a sa masa ruwan gulukos ta jijiya.

Kuskuren ƙarshe yakan zo ne bayan an yi nasara. Ana sa ruwan gulukos, cikin 'yan mintoci mutum ya buɗe ido ya nemi hularsa, dangi su ce a tafi gida. Amma ƙwayar tana nan a jini, ƙodar da za ta fitar da ita kuwa ba ta murmure ba, saboda haka sukarin yakan sake faɗuwa cikin dare, lokacin da kowa ke barci. Dalili ke nan da ake riƙe irin wannan marar lafiya awa 24 zuwa 48, wani lokaci fiye, ana awo a kai a kai, a dakatar da gilibenkilamid da metifomin da lisinofiril har a auna ƙoda a ga ta dawo. Mai azumi da ya haɗiyi wannan ƙwaya da sahur yana shan jiƙo da buɗa-baki yana kan irin wannan turba ko da bai sha filasko ba.

6.0 Tambayar da Ake Yi a Ɗakin Likita

Abin da ke hana gano matsalar da wuri, a namu ganin, harshe ne, kuma nan ne malaman Hausa ke da ta cewa. Ma'aikacin lafiya yakan tambaya, "Baba, kana shan maganin gargajiya?" Amsa kuwa a'a ce. Wani kunya ce ko tsoron faɗa ke hana shi, amma da yawa gaskiyarsu suka faɗa, domin a wurinsu hulba da zogale da zoɓo da tafarnuwa abinci ne, kanwa mahaɗi ce, maganin gargajiya kuwa shi ne wanda aka karɓo daga hannun boka ko 'yar mai ganye. Da za a ce, "Baba, me ake jiƙa maka ko a dafa maka saboda sukarin nan? Da wane kofi kake sha, sau nawa? Ana sa kanwa?" da amsar ta canza.

In an samu amsar, hani kai tsaye ba ya cika aiki, sai dai ya mayar da shan a ɓoye. Abin da ya fi shi ne a yi sharaɗi. Tsiro ɗaya za a ɗauka a lokaci guda, a tsayar da ma'auni ɗaya da hanyar haɗi ɗaya, a riƙa awo da safe da kuma kafin barci har mako biyu ana rubutawa a littafi, likita ya duba ya daidaita ƙwaya. Ranar da aka yi gudawa ko amai ko aka kasa cin abinci, a nemi shawarar asibiti kafin a haɗiyi ƙwayar sukari. Shawarar nan da ta yaɗu, cewa a bar tazarar awa biyu tsakanin ƙwaya da jiƙo, tana da amfani ga masu yauƙi irin su kuɓewa da hulba, domin tana ba ƙwaya damar ratsa hanji. Amma ba ta tsare kome a haɗuwar taron dangi, tun da ƙwayar da ke aiki awa 24 tana nan daram ko da an jira awa shida.

Sharaɗin yana da ɗaya gefen da ake mantawa. In likita ya rage ƙwaya saboda marar lafiya yana shan hulba, to hulbar ta zama ɓangaren maganinsa. Ranar da ta ƙare, ko aka yi tafiya aka bar ta a gida, sukari zai hau sannu a hankali ba tare da wata alama ba sai yawan fitsari da ƙishirwa. Saboda haka barin jiƙon ma sai an sanar da asibiti, a koma awon safe da dare na mako biyu kamar yadda aka yi ranar da aka fara shi.